Da waya kaɗai da jarin dubu 15: sayar da data ko tallar kaya a sitatus?

Maman_Ilham_TJukun:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ina zaune a Tudun Jukun a Zariya, ina da waya itel da jarin da bai wuce dubu 15 ba. Maigida yana iya ƙoƙarinsa, amma kowa ya san yadda kasuwa ta koma. Wasu sun ce in fara sayar da data, wasu sun ce in riƙa ɗora hotunan kaya a sitatus ina samun la'ada. Abin da ke tsorata ni shi ne kuɗin data da caji. Wutarmu wani lokaci sai ta kwana biyu ba ta leƙo ba, ga data da na saya jiya yau ta ƙare. Kada in shiga abu ribar ta tafi a wurin mai caji. Wanda ya taɓa yi don Allah ya faɗa mini gaskiyar lissafin.

Sadiq_Kongo:
Wa alaikumus salam Anti. Data ki fara. Ba hawa Keke, ba ɗaukar kaya, kina kwance a ɗaki kina turawa. Ni da ita nake ciyar da kaina a makaranta.

Malam_Bashir_PZ:
Sadiq, faɗa mata nawa kake samu a kan kowane giga, sannan ta yanke hukunci.

Sadiq_Kongo:
Ya danganta da layi, Malam. Tsakanin naira 30 zuwa 50.

Malam_Bashir_PZ:
To madalla, a nan maganar take. Malama, mu ɗauki tsakiya, naira 40. Idan kika zuba dubu 15 ɗinki gaba ɗaya a walat ɗin shafin da ake sarin data, giga ashirin da 'yan kai za ki samu a farashin yanzu. Kika sayar da su duka, ribarki ta kama naira 800 zuwa 900, kuma daga ciki za a cire kuɗin da shafin ke yanka duk lokacin da kika zuba kuɗi. Kafin ki ga dubu ɗaya a rana sai kin sayar wa mutum 25. Sadiq yana zaune a hostel, ɗalibai sun kewaye shi, kafin ya sauko daga bene ya sayar wa mutum biyar. Ke a cikin gida wa zai saya? Maƙwabta da dangi. Su kuwa maƙwabta da dangi "turo mini zan ba ki anjima" suke cewa. Mutum ɗaya ya riƙe miki naira 700, ya cinye ribar ciniki 17.

Kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, tazarar da ke tsakanin farashin 'yan sari da na kamfani ta ragu sosai. Da yawa yanzu a manhajar bankinsu suke saya kai tsaye. Ban ce sana'ar ta mutu ba, amma ta mai taron jama'a ce.

Sadiq_Kongo:
Gaskiya ne bashi yana kashe ta. Amma Malam ka manta ba data kaɗai ba ce, akwai kati da biyan kuɗin kallo. Idan aka haɗa yana taruwa.

Hajiya_Rabi_Muciya:
Ƙanwata, bari in ba ki nawa lissafin, ki auna da kanki. Zanin gado nake sayarwa, shi kaɗai, yawanci ga ɗalibai mata na Samaru da Kongo da matan ma'aikata. Ba ni da shago. Akwai wani dattijo a kasuwar Sabon Gari da muka yi yarjejeniya da shi: ina zuwa in ɗauki hotunan abin da ya sauke, ya faɗa mini farashinsa, ni kuma in ɗora nawa.

Mai filo biyu yana ba ni a 6,500, ina sayarwa 8,000. Ribar kowanne 1,500. A mako mai kyau ina sayar da takwas, dubu 12 ke nan. Yanzu ki cire. Fita biyu nake yi a mako, Talata da Asabar, daga gida zuwa kasuwa zuwa Samaru in dawo, kowace fita tana cin kamar 1,500, dubu 3 ke nan. Data dubu ɗaya. Caji 800. Katin kira 500. Leda 200. Jimla 5,500. Abin da ya rage mini 6,500 a mako.

Ki lura da wannan lissafin da kyau: ba data ce ta fi cin kuɗin ba, abin hawa ne. Wadda duk ta ce za ta kai wa kowa kayansa ranar da ya yi oda, to ribarta ta mai Keke ce. Shi ya sa tun farko nake faɗa wa masu saye ranakun da nake kawowa, kuma wuri ɗaya muke haɗuwa, bakin get. Wadda take gaggawa ta biya ɗan acaɓa da kanta.

Zee_Hanwa:
Hajiya data ta dubu ɗaya a mako? Ni ta dubu ɗaya ba ta yi mini kwana biyu. Wane layi kike amfani da shi?

Hajiya_Rabi_Muciya:
Ba layi ba ne, Zee. Sau uku nake kunna data a rana: bayan sallar asuba in ɗora hotuna, bayan azahar in amsa saƙonni, bayan isha'i in ƙarasa ciniki. Kowane zama bai wuce minti arba'in ba. Sauran lokaci a kashe take.

Injiniya_Kwangila:
Bari in ƙara a kan maganar Hajiya, tunda gyaran waya nake yi kuma kullum sai an kawo mini ƙarar "ana sace mini data". Hoto ɗaya da aka ɗora a WhatsApp, bayan manhajar ta matse shi, yawanci bai wuce KB 200 ba. Hoto goma bai fi MB 2 ba. Rubutu kuwa kusan ba ya cin komai, saƙon murya na minti ɗaya ma bai fi nauyin hoto ba. Wato duk cinikin Hajiya na yini guda zai shiga cikin MB 30 har da saura. Giga ɗaya ya kai MB dubu. Sana'ar ba ta cin data. Bidiyo ne ke ci: sitatus na mutane, TikTok, da bidiyoyin da ake jibgawa a guruf suna sauka da kansu ba ki ma buɗe ba.

Maman Ilham, ki yi waɗannan yau. A WhatsApp ki shiga Settings, sai Storage and data, a ƙarƙashin Media auto-download ki taɓa When using mobile data ki cire alamar da ke kan komai. A nan dai akwai Network usage, zai nuna miki nawa sitatus ya ci, nawa kira ya ci. Sai ki je Play Store ki hana manhajoji sabunta kansu da data. Sai ki kunna Data Saver a saitin wayar. Idan Google Photos yana kwashe hotunanki zuwa sama da data, ki kashe shi. Kafin ki kunna data da safe ki danna *323# ki rubuta abin da ya rage, da dare ki sake dubawa. Kwana uku za ki gane inda take zurarewa.

Zee_Hanwa:
Na duba nawa yanzu. Sitatus kaɗai ya ci fiye da rabi. Innalillahi.

Abba_Crypto_Zazzau:
Duk wannan wahalar ta mece ce? Anti ki fara mainin, wato haƙar kuɗin kirifto. Ba jari, danna waya kawai. Wanda ya yi Notcoin a 2024 ya san abin da nake faɗa.

Nura_Gyallesu:
Abba, ka faɗi Notcoin, ka faɗi Hamster Kombat ma mana. Wata nawa mutane suka yi suna dannawa kafin a raba a watan Satumba na 2024? Nawa aka samu? Ni na san waɗanda abin da suka samu bai biya kuɗin cajin da suka kashe ba, ban da sikirin da ya mutu. Ka ce ba jari, alhali data jari ce, caji jari ne, batirin da ya kumbura jari ne. Matar nan tana tambayar abin da za ta sa a tukunya wannan watan.

Abba_Crypto_Zazzau:
Ai ba kowanne ke fashewa ba, haƙuri ake yi. Pi ma shekara nawa ana zaginmu, ga shi a Fabrairun 2025 ya shiga kasuwa.

Nura_Gyallesu:
Ya shiga, ban musa ba. Wanda ya tsallake tantancewa ya sayar da wuri ya samu wani abu. Amma shekaru aka jira. Wanda yake da wuta a gida da datar da ba ta dame shi ba, ya yi ta dannawa a gefe. Ba abin da za a dogara da shi ba ne.

Admin_Zazzau:
Na goge wani saƙo da aka turo da link na "zuba dubu 10 ka karɓi dubu 20 a mako". Ba a nan ba. Wanda bai ɗauki darasin MMM a 2016 ba, ai ya ga na CBEX a watan Afrilun 2025. A koma kan tambayar baiwar Allah.

Ummu_Khalil:
Ni inda ban yarda da Hajiya Rabi ba shi ne kashe data. Turare da humra nake sayarwa, kuma na ga yadda ciniki ke kuɓucewa. Mace ta ga kaya ƙarfe goma, ta yi magana, ba a amsa ba sai biyu, ta riga ta saya a wurin wata. Mu da muke sayar da abin da kowa ke sayarwa, wadda ta fara amsawa ita ke ci.

Sadiq_Kongo:
Ai akwai maganin wannan. A sauke WhatsApp Business a saita Away message, duk wanda ya yi magana zai samu amsa da kansa ko data a kashe take.

Injiniya_Kwangila:
Rabin maganarka daidai ne, Sadiq. WhatsApp Business yana da amfani, musamman Catalog, inda za ki ɗora hoto da farashi sau ɗaya ki huta da tura wa kowa hotuna ɗaya bayan ɗaya, da Quick replies na lambar asusu da ranakun kawo kaya. Amma Away message daga wayarki yake fita, sai tana kan intanet. Data a kashe, babu abin da zai tafi.

Ummu Khalil kuma, idan kin yi saitin da na faɗa a sama, barin data a kunne ba zai ci wani abin kirki ba. Batir ne zai ji a jikinsa, musamman a unguwar da sabis ba shi da ƙarfi, don wayar tana ta ƙoƙarin kamo shi. To zaɓin ba na data ba ne, na caji ne.

Hajiya_Rabi_Muciya:
Ummu Khalil tana da gaskiya a nata kayan. Nawa ba a saye da gaggawa, mai son zanin gado za ta jira azahar. Kuma hoton ƙarshe da nake ɗorawa kullum rubutu ne: mai sauri ta kira ni a wannan layin. Kira yana shigowa ko babu data.

Maman_Ilham_TJukun:
Allah ya saka da alheri, ina ta rubutawa. To maganar caji fa? Nan wurinmu 200 ake karɓa, kuma in na aika yaro da wayar sai ta yi awa uku a can.

Injiniya_Kwangila:
Wannan awa ukun ya fi naira 200 ɗin tsada, don shagonki ne a rufe. Abin da ya kamata ya je wurin mai caji fawa bank ne, waya ta zauna a hannunki. Amma a san abin da ake saya. Lambar da aka rubuta a jiki ba ita ke shiga waya ba, kusan kashi ɗaya cikin uku yana tafiya a wurin juya wutar da zafi. Mai 10,000mAh na gaske zai ba ki kamar 6,500. Idan batirin wayarki 5,000 ne, cikawa ɗaya ke nan da ɗan ƙari. Mai 20,000 zai cika ta sau biyu da rabi. Duk wanda ya ce miki ƙaramin abu mai arha zai cika waya sau shida, ki bar masa kayansa.

Abu na biyu da mutane ba sa dubawa shi ne tsawon lokacin da shi kansa yake ɗauka kafin ya cika. Mai 20,000 da caja ta gama-gari yana iya cin awa takwas ko tara. Mu da ake kawo mana wuta ta awa biyu cikin dare, ba zai taɓa cika ba. Ki nemi wanda aka rubuta yana karɓar 18W ko sama, ki haɗa shi da kan caja da kebul masu wannan ƙarfin, zai cika a awa huɗu zuwa biyar. Idan kuɗin bai kai ba, gara mai 10,000 na kirki da mai 30,000 na bogi.

Gane na bogi: ki cika shi, ki bar wayarki ta sauka zuwa kashi 10, ki jona ki ga sau nawa zai kai ta ɗari kafin ya mutu. Ki yi wannan a kwana biyun farko, kuma tun a shago ki yi magana da mai kayan cewa in bai kai ba za ki dawo da shi. Nauyi ba hujja ba ne, na sha buɗe wanda aka cika da yashi.

Baba_Tanimu_Wusasa:
Ni dai na ga kamar POS ya fi duk waɗannan. Yarona yana yi a bakin titi, yana samu alhamdulillahi.

Malam_Bashir_PZ:
Baba, Allah ya ƙara albarka. Sai dai ita waya kaɗai gare ta da dubu 15, kuma daga cikin gida. POS yana son na'ura da tsabar kuɗi masu kauri da wurin zama.

Baba_Tanimu_Wusasa:
To, ban karanta farkon ba. Amma ina da jan kunne a kan masu caji. Ba duka ba, akwai masu amana. Jikata ta kai waya caji da layinta a ciki, kafin yamma an kwashe abin da ke asusunta. 'Yata, ko za ki aika da waya, ki zare layin da ke haɗe da banki.

Injiniya_Kwangila:
Maganar Baba a riƙe ta. Kulle fuskar waya ba ya hana a zare layi a sa a wata wayar. A sa wa layin kansa PIN, yana cikin saitin tsaro, SIM card lock. A kula dai, in aka yi kuskure sau uku sai an nemo PUK, yana jikin katin da layin ya zo da shi.

Nura_Gyallesu:
Ku tuna watan Oktoba na 2024 da aka lalata layin wutar lantarki na Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi kwanaki a duhu. Kuɗin caji ya tashi, layi a wurin masu inji kamar gidan mai. Tun lokacin na sayi ƙaramin faifan sola mai 20W da ramin USB. Ina shimfiɗa shi a kan kwano, in saukar da kebul ɗin zuwa inuwa, fawa bank yana sha daga hantsi zuwa la'asar. Ban ƙara biyan mai caji ba sai a watan Agusta da hadari ke rufe rana.

Ummu_Khalil:
Ni nawa solar bai yi mini komai ba, wanda yake manne a bayan fawa bank ɗin. Yini guda a rana ɗigo ɗaya yake ƙarawa.

Injiniya_Kwangila:
Wannan daban ne da na Nura. Faifan da ke bayan fawa bank ya yi ƙanƙanta, sai ya yi kwanaki bai cika shi ba, kuma ajiye batir a ranar Zariya ta watan Maris da Afrilu kashe shi ne. Irin na Nura shi ne daidai, faifai a rana, batir a inuwa. Lokacin hunturu a riƙa goge ƙura kullum. Kuma a fi jona fawa bank maimakon waya, don in gajimare ya gifta wutar tana yankewa tana dawowa.

Dalibi_Kofar_Doka:
Ina neman afuwa zan kawo wani ɓangare. Tsarin da Hajiya Rabi ta bayyana, mutum ya karɓi kuɗin kayan da ba nasa ba sannan ya je ya sayo. Akwai hadisin Hakim bin Hizam da Manzon Allah (SAW) ya hana mutum sayar da abin da ba ya wurinsa. Ya kamata a duba kafin a ba baiwar Allah shawara.

Hajiya_Rabi_Muciya:
Malam na gode, tambaya ce mai kyau, kuma na kai ta gaban malaminmu na Islamiyya tun ina farawa. Abin da ya ce mini shi ne in daidaita da mai kayan ya zama ya wakilta ni in sayar masa, ya san ina ɗora riba, ya yarda. Haka muka yi da dattijon. Kuma ba na karɓar kuɗin kowa sai na kira shi ya tabbatar mini kalar tana nan ya ware ta gefe.

Dalibi_Kofar_Doka:
In da wakilci, magana ta canza. Amma da yawa hotuna kawai suke kwasowa daga sitatus ɗin wata, ita ma ta kwaso daga wata a Kano, ba wadda ta taɓa ganin kayan. Wannan fa?

Malam_Bashir_PZ:
Hukuncinsa a bar wa malamai, kowa ya tambayi nasa. Amma ko a kasuwance wannan hanyar tana ƙona mutum. Kowace hannu ta ɗora dubu ɗaya, kafin ya zo gare ki ya fi na kasuwa tsada, ga kuɗin mota daga Kano, kaya su iso kala daban. Mai saye ba ta san ta Kano ba, ke ta sani.

Zee_Hanwa:
Ya faru da ni a kan wani mayafi. Hoton an ƙara masa haske, da ya zo sai ga shi ya dushe. Kuɗin na mayar daga aljihuna, kuma har yau matar ba ta sake kallon sitatus ɗina ba.

Hajiya_Rabi_Muciya:
Shi ya sa nake ɗaukar hoton da kaina, a bakin shago inda akwai hasken rana, ba filashi, ba gyara. In shimfiɗa zanin in ɗauki ɗaya daga nesa, ɗaya kusa yadda za a ga saƙar. Bidiyo ba na yi sai wadda ta riga ta nuna da gaske take.

Sai maganar alat. Kada ki yarda da hoton risit, kada ki yarda da saƙon tes. Ki buɗe manhajar bankinki ki ga kuɗin sun hau kan balas. Akwai masu turo risit na ƙarya daidai lokacin da suka san sabis yana wasa, su ce ai banki ne ya riƙe. In bai shigo ba, kaya ba sa fita, ko 'yar wace ce.

Maman_Ilham_TJukun:
Hajiya to ni lambobin da ke wayata ba su fi 90 ba, kuma rabi dangi ne. Masu kallon sitatus ɗina 30 ne zuwa 35. Wa zan sayar wa?

Abba_Crypto_Zazzau:
Wannan mai sauƙi ne, akwai fayil ɗin lambobi da ake sayarwa, ki sauke mutum dubu biyu su shigo wayarki lokaci ɗaya.

Ummu_Khalil:
Kada ki soma. Na gwada. Sitatus sai wanda kika ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taki yake gani. Waɗanda suka shigo mini 'yan Legas ne da Fatakwal, kowa talla yake yi, ba mai saye, ga maza masu damun mutum da sallama cikin dare. Sitatus ɗinsu kuma ya cika mini waya.

Hajiya_Rabi_Muciya:
Mutum 35 da suka san ki sun fi dubu biyun nan. Ni da guruf ɗin Islamiyya da na iyayen yara na fara, bayan na nemi izinin masu kula da su. Duk wadda ta saya ina roƙonta ta ɗora hoton a nata sitatus da lambata. Ɗaliba ɗaya a hostel ta jawo mini ƙawayenta, yanzu ita ke tattara oda, ina ba ta 300 a kan kowane zani.

Amma in faɗa miki inda yake ciwo. Kasuwar ɗalibai tana da lokaci. Makon da aka dawo hutu ba na zama, lokacin jarrabawa da hutu kuwa sai in yi mako biyu ban sayar da uku ba. Yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas Samaru a bushe, da ban fara shiga wurin matan unguwa da masu haɗa kayan ɗaki ba da na daina. To 6,500 ɗin da na faɗa na mako mai kyau ne, kada ki ɗauka kullum ne.

Malam_Bashir_PZ:
In ni ne ke da dubu 15 ɗin nan, ba zan sayi kaya ko ɗaya ba tukuna. Fawa bank mai 10,000 na kirki zai ci kaso mafi girma, ragowar data ta wata ɗaya da kuɗin Keke na zuwa kasuwa sau biyu. Ta wata ta fi ta kullum arha a kan kowane giga, in dai mutum zai iya riƙe hannunsa.

Sadiq_Kongo:
Ni kuma na ga kamar kuskure ne a kashe jari a kan fawa bank tun ba a sayar da komai ba. Ta fara da cajin 200 ɗin, in ciniki ya kankama ta saya da riba. In bai kankama ba kuɗinta na nan. Kuma ta wata ɗin nan, yaro ɗaya ya ɗauki wayar ya kalli katun, ta tafi a yini biyu. Ta mako ta fi aminci ga mai yara.

Malam_Bashir_PZ:
Maganar yara ka yi gaskiya. Ta fawa bank kuwa ban sauka ba. Caji huɗu a mako 800 ne, a wata 3,200, ban da cinikin da ke wucewa wayar tana can.

Sadiq_Kongo:
Ai shi ma fawa bank ɗin kuɗi ake biya a yi cajinsa, Malam, kuma sun fi karɓa a kansa. Nan Kongo 300 ne zuwa 400.

Ummu_Khalil:
Ku bar ta ta fara gano abin da za ta sayar tukuna. Maman Ilham, kada ki ɗauki zanin gado don Hajiya ta ce yana tafiya, ko turare don ni. Ki duba mutum 35 ɗin nan, me suke fita saye da kansu wanda za su so a kawo musu har gida? Masu yara ƙanana ne? To wandunan yara da safa da kayan makaranta. Abu ɗaya, mai riba aƙalla dubu a kan kowanne, wanda ba ya lalacewa kuma ba shi da matsalar awo. Takalmi da dogayen riguna suna da dawowa, "bai shige ni ba" kullum.

Maman_Ilham_TJukun:
Yawancinsu masu yara ne gaskiya. Akwai ɗan'uwan maigida da ke da shagon kayan yara a Tudun Wada, da ƙafa ma ina iya zuwa. Zan yi wa Baban Ilham magana ya tambaye shi ko zai yarda da irin tsarin Hajiya.

Hajiya_Rabi_Muciya:
In da ƙafa za ki je, kin tsira daga abin da ya fi cin nawa kuɗin. Sai dai ciniki da dangin miji a yi shi a rubuce: farashin kowane kaya, ranar da za ki kawo kuɗi, da wanda zai ɗauki asara in an dawo da abu. Kayan yara ba sa kai dubu a kan ɗaya, sai ki haɗa su uku-uku ko shida-shida.

Zee_Hanwa:
Hajiya ni tambayata a kan masu cewa a kawo su gani kafin su biya. Kina karɓar rabin kuɗi ne ko duka? Na rasa mutum biyu makon nan saboda na ce sai an biya.

Hajiya_Rabi_Muciya:
Sabuwa duka take biya. Wadda muka saba, rabi.

Ummu_Khalil:
Ni ko sabuwa ce kuɗin abin hawa kawai nake karɓa, sauran in ta gani. Mutane sun sha cuta a intanet, ba za ki ga laifinsu ba. Sau ɗaya aka taɓa fasa mini, kuma turare ba ya ɓaci, na sayar wa wata.

Hajiya_Rabi_Muciya:
Naki kayan naki ne, in an fasa ki mayar kan kanta. Ni in aka fasa sai na koma Sabon Gari na roƙi dattijo ya karɓa, kuma in an buɗe ledar ba ya karɓa.

Zee_Hanwa:
To ni da nake ɗauko mayafai a hannun mutum biyu daban, ɗaya yana karɓar dawowa ɗaya ba ya karɓa, sai in raba tsarin ke nan? Injiniya kuma don Allah, mai 18W ɗin nan nawa yake yanzu a PZ, kuma wane suna zan nema?